Rubutu da murya, boyis ko ɗan yatsa: wanne ya fi idan kana cikin hayaniya?

Tun da Google suka saka Hausa cikin harsunan da ake iya rubutawa da murya a Gboard, wato kibod ɗin Google na waya, wajen watan Oktoban 2024, tare da Yarabanci da Ibo da Fijin da wasu harsunan Afirka, mutane da yawa a Zariya sun koma danna ɗan makirfon nan na saman kibod su yi magana waya ta rubuta musu. A ɗaki da daddare, ƙofa a rufe, abun yana yi wallahi ba laifi. Amma je ka tsaya ƙarƙashin gadar Kwangila da la'asar, ko cikin kasuwar Sabon Gari kusa da masu niƙa, ka gwada, sai ka ga ta rubuto maka wata magana da ko a mafarki ba ka faɗa ba. To idan kana irin wannan wurin kuma dole ka aika saƙo, hanya uku ce a gabanka: ka yi magana waya ta rubuta, ko ka tura boyis a ji muryarka, ko ka daure ka rubuta da yatsa. Kowacce akwai inda take cin riba akwai inda take jawo asara, kuma abun da zai raba maka gardama shi ne irin ƙarar da ke wurin da kuma abun da ke cikin saƙon.

Sai ka san yadda injin yake yi kafin ka gane dalilin shirmen nasa. Ba wai yana jin kalma ɗaya ɗaya ba ne ya rubuta kamar magatakarda. Sautin da ya shiga makirfo yake ɗauka ya yayyanka ƙanana ƙanana, sai ya auna wace jimla ce ta fi kama da wannan sautin a cikin irin maganganun da aka koya masa. Wato aiki biyu ne a haɗe, ji da cinka. Idan murya ta fito tas, ji ne yake jan ragama. Idan ƙara ta danne muryar, cinka ce take karɓar aikin, kuma cinkarsa kullum tana karkata wajen kalmar da aka fi yawan faɗi. Shi ya sa da wuya ka ga ya rubuta harufan banza marasa ma'ana, a'a, kalmomi ne na gaskiya masu kyau yake jero maka, kawai dai ba su ka faɗa ba. Kamar ɗalibin da ya rantse ba zai bar takardar jarabawa fanko ba ne, ko bai ji tambayar ba sai ya cika shafi, kuma da rubutu mai kyau. Nan haɗarin yake, don mai karantawa ba shi da wata alama da za ta nuna masa wace kalma aka ji sosai wacce kuma aka cinka.

Ita ma ƙara ba iri ɗaya ba ce. Ƙarar janareta ko fanka ko injin mota da ke tsaye a kunne, tana tafiya ne bai ɗaya ba ta sauyawa, kuma yawancin wayoyin yanzu suna da makirfo na biyu a sama ko a baya wanda aikinsa ya ji ƙarar wurin a rage ta. Da irin wannan za ka iya sha idan ka matso da wayar. Wadda ta fi mugunta ita ce hayaniyar mutane: kwandasta na ihun Kaduna Kaduna, mai maganin gargajiya da lasifikarsa, rediyon mai shayi, mata biyu na ciniki a bayanka. Duk wannan murya ce ta ɗan Adam, kuma injin bai san taka ba ce ko ta wani, wadda ta fi ƙarfi a lokacin ita zai bi. Shi ya sa wani sa'in sai ka tsinci sunan wani gari ko farashin wani kaya a tsakiyar saƙonka. Sai iska, wadda mutane ba su ɗauka ƙara ba ce. Iskar hunturu idan ta bugi bakin makirfo kai tsaye, ko kana bayan acaɓa yana gudu, abun da ke shiga wayar ya fi hon ɗin tirela ɓata magana, alhali kai a kunnenka ba ka ji wani abu ba. Haka ruwan sama a kan kwano.

Abun da ya fi komai tasiri kuwa ba tsadar waya ba ce, tazarar da ke tsakanin bakinka da makirfo ce. Akwai lissafi sananne a ilimin sauti: duk lokacin da ka rage tazara da rabi, ƙarfin muryar da ke isa yana ƙaruwa da kusan desibel 6, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Maganar mutum ta yau da kullum tana kai kusan desibel 60 a tazarar mita 1, titi mai cunkoso kuwa yana kai 80 ko fiye. To idan ka riƙe waya a gabanka kana kallon sikirin, kamar santimita 50, muryarka tana isa ne a wajen 66, wato titi ya danne ka nesa ba kusa ba. Matso da ita santimita 25 ka samu 72, a 12 ka samu 78, a 6 ka kai wajen 84. Ka ga a nan ne kaɗai muryarka ta hau kan titin, ba tare da ka ƙara ko ɗan ihu ba. Ƙarar titin kuwa tana nan yadda take, don ita daga ko'ina take zuwa, matsar da waya ba ya sauya ta.

Mutane da yawa maimakon su matso da waya sai su ɗaga murya. Ba laifinsu ba ne, haka jikin ɗan Adam yake yi da kansa idan ya shiga hayaniya, wani likita Bafaranshe mai suna Lombard ya bayyana wannan tun 1911. Matsalar ita ce ihu yana sauya kamannin magana, wasula su miƙe su yi tsawo, baƙaƙe su dusashe, ga Hausa kuma tsawon wasali da hawa da saukar murya su ne suke raba kalmomi da yawa, kamar gari na zama da gari na tuwo. Don haka ka yi magana daidai yadda ka saba, ka kawo gindin wayar, inda ramin makirfo yake kusa da wurin caji, gefen bakinka, ba saitin leɓe ba, don kar hucin b da f da ƙ ya dinga dukan sa. Ɗaya hannun ka yi masa rumfa, ka juya wa ƙarar baya. Kuma ka duba ramin nan, ƙurar Zariya da kwalliyar kondon waya suna toshe shi, wani kondon ma raminsa bai yi daidai da na wayar ba sam.

Sai dai kana yin haka ka rasa abu ɗaya, ba ka ganin abun da ake rubutawa. Nan iyafis mai igiya ya shigo, wannan na ɗan kuɗi kaɗan da ake sayarwa a PZ mai ɗan maɓalli a jikin igiyar. Makirfonsa yana cikin maɓallin, ka kama shi da yatsu biyu ka kawo shi gefen baki, sikirin kuma yana gabanka kana gani. A wajena cikin duk kayan da ake saya don wannan aikin shi ya fi, kuma shi ya fi araha. Sharaɗin dai kar ka bar shi yana lilo yana gogar riga ko mayafi, don gogar nan tana shiga da ƙarfi.

Na bulutut fa? Mutum zai zata tunda ya fi tsada ya fi kyau, amma sau da yawa ba haka ba ne. Na farko makirfonsa yana can jikin kunne, nesa da baki kuma a bayansa. Na biyu, da zarar an buɗe makirfon bulutut, sautin yana bin hanyar da aka tanada don kiran waya ne, wadda take matse murya, kuma a ƙananan na'urori masu araha tana yanke duk abun da ya haura wajen haz 4,000 a ma'aunin kaifin sauti. A can saman ne kuwa s da sh da ts da f suke da kaso mai yawa na ƙarfinsu. Kunnen mutum yana cike gurbin ba tare da ya sani ba, injin kuwa sai ya hau cinka, sai ka ga Shika ta koma shiga, tsada ta koma sada. Akwai masu tsada da suke da makirfo biyu ko uku suna yin ƙoƙari sosai, amma ka lura, wancan rage ƙarar da ake tallatawa a jikin kwali yawanci na kunnenka ne, don kai ka ji waƙa ba hayaniya, ba shi ne yake tace muryar da kake aikawa ba. Wani sa'in ma kana ta magana a bakin waya alhali bulutut ɗin da ke cikin aljihunka ne yake ɗauka, ko na motar da ka haɗa da safe.

Kafin ka zargi ƙara ma, duba harshen da kibod yake kai. Ka danna dogon maɓallin tazara ka riƙe, zai nuna maka harsunan da ka saka, idan babu Hausa ka shiga Settings, ka je Languages, ka ƙara ta. Idan yana kan Turanci ka yi masa Hausa, ba zai ce maka bai gane ba, kalmomin Turanci masu kama da sautin zai nemo, ka ce ina kwana ya rubuta "in a corner". Wannan ba laifin hayaniya ba ne, ko a ɗaki haka zai yi. Mu kuma a garin nan, musamman 'yan Samaru da Kongo, ba ma iya jimla biyu ba mu tsoma Turanci ba, lakca, asaimen, tiransifa, alat. Duk inda ka sauya harshe a tsakiyar jimla, nan ne yake fi yin tuntuɓe, ƙara kuma sai ta daɗa masa. Ga batun netwok: a yawancin wayoyinmu muryar tana fita ne ta intanet a sarrafa ta a dawo da rubutu, to cikin rumfunan kasuwa inda sabis yake rawa za ka ga ya tsaya cak, ko ya tsallake rabin jimla ya haɗe farko da ƙarshe kamar ba abun da ya ɓace.

Bari mu ɗauki saƙo guda mu bi shi a hankali, don a nan ne za ka ga iyakar abun da cinka take iya yi. A ce ka aiki ƙaninka sayen hatsi, kai kana shago a Samaru, sai ga wannan ya shigo:

"Yaya na samu masu rai buhu sha biyar a mai shago ya ce zai rage ba ka turo kudin mata ina kongo"

Abu na farko, kar ka karanta da ido, karanta da baki, da ɗan sauri, kamar yadda shi zai faɗa. Kuskuren yatsa da kuskuren murya ba iri ɗaya ba ne. Mai rubutu da yatsa harafin da ke maƙwabtaka yake dannawa, mai magana kuwa sautin da ke kama aka musanya masa, don haka ma'anar kalmar da ke gabanka ba ta da amfani, amonta kake nema. Masu rai: ma, su, rai, gaɓa uku, baƙaƙenta m da s da r. Me ake awo a buhu mai gaɓa uku da m, s, r? Masara. Wannan ya fita ba gardama, don yawan gaɓoɓi da jerin baƙaƙe sun yi daidai, ga kuma kalmar buhu a gefe tana ba da shaida. Kuɗin mata ma haka, wasali ɗaya ne ya sauya, kuma mutumin da ya sayi buhuna kuɗin mota zai nema. "A mai shago" kuwa amma ce aka cinye rabinta, ma da mai sun haɗu injin ya ɗauka abu ɗaya ne.

Sai "ya ce zai rage ba". Wannan ba ta ƙarshe ita kaɗai take tsaye, kuma a Hausa irin wannan korewar ba biyu take ɗauka, ɗaya gaba ɗaya baya. Tunda ga ta baya, ta gaba ce ta faɗi, asalin maganar ba zai rage ba. Ka ga da mutum ya karanta a gurguje sai ya ɗauka an yi ragi, alhali akasin haka ne. Amma ka lura da wani tarko, da yake babu waƙafi a saƙon, ana iya karanta shi "zai rage, ba ka turo kuɗin mota", wato ba ɗin ta manne da abun da ya biyo bayanta. Abun da ya kashe wannan karatun shi ne da haka ne da an ga wata ba a bayan mota, sannan ga amma can a baya, mutum ba ya cewa amma zai rage idan labari mai daɗi yake bayarwa.

Ina Kongo fa? Nan sai ka yi amfani da abun da ka sani wanda injin bai sani ba. Kongo wuri ne na gaskiya a Zariya, Kwangila ma haka, kuma farkonsu yana kama, idan hon ya danne ƙarshen Kwangila abun da ya rage zai iya zama Kongo, kalmar da ta fi yawo a duniya saboda sunan ƙasa ce. Mai ɗauko masara zai kawo Samaru, Kwangila ce a kan hanyarsa, me zai kai shi Kongo can wajen Tudun Wada? To Kwangila ta fi ƙarfi, amma wannan rinjaye ne kawai ba tabbas ba, idan za ka tura mai Keke Napep ya same shi, ka tambaya tukuna.

Saura sha biyar. A nan duk dabarar ta ƙare. Biyu da biyar farkonsu ɗaya, bambancin yana wutsiya, wutsiyar kalma kuwa ita ce ƙara take fara ci don a nan murya take sauka. Kuma jimlar daidai take ko da wanne ka saka, ba buhu ba shago ba wanda zai ba ka shaida. Idan sha biyu ya ce kai kuma ka tura kuɗin sha biyar, kuɗin buhu uku ne suka tafi a kan harafi biyu. Haka talatin da tamanin suke, gaɓa uku uku, farko ɗaya ƙarshe ɗaya, tsakiya ce kawai ta raba su. Haka sittin da saba'in idan an yi sauri, haka ɗari biyu da dubu biyu idan farkon ya dusashe. Lamba ba a cinkarta, sai dai ka mayar masa da tambaya, 12 ko 15, ka ce ya amsa da yatsa.

Akwai wanda ya fi lamba ban tsoro, shi ne korewar da ba ta da ba ta biyu. Kar ka tura kuɗin, idan kar ta faɗi, abun da ya rage shi ne ka tura kuɗin, jimla lafiyayya ba tabo ba alama. Ba na zuwa tana iya komawa ina zuwa. Ba ya nan ta koma yana nan. Kuma abun haushin, waɗannan ƙananan kalmomin su ne suke zuwa a farkon magana, farkon magana kuwa shi ne ya fi yawan ɓacewa, don mutane suna danna makirfo su fara magana nan take kafin ya gama buɗewa. Ka jira sai ka ga ya rubuta "Speak now", sannan ka fara da wata kalmar da ko ta ɓace ba asara, kamar to, ko Yaya, ko Hajiya, ko sallama. Idan ka gama kuma ka kashe shi da hannunka, don a cikin hayaniya bai san ka yi shiru ba, zai ci gaba da rubuta maganar na kusa da kai.

Yanzu ka kwatanta da a ce boyis ƙanin naka ya turo daga wuri ɗaya, da ƙara ɗaya. Za ka ji injin niƙa, za ka ji hon, amma muryarsa tana nan, kai kuma ka san muryar, ka san yadda yake faɗin biyu, ka san abun da ka aike shi, kana jin hawa da saukar da rubutu ba ya nunawa. Wurin da bai fito ba ka san bai fito ba, za ka mayar baya ka sake ji, ka kara a kunne, ko ka miƙa wa na kusa da kai ya tayaka. Wannan shi ne babban bambancin hanyoyin biyu. Boyis yana kawo maka maganar da dattinta, kai ka tace. Rubutu da murya kuwa ya riga ya yanke hukunci ya zubar da sautin, abun da ya iso maka tsaf yake amma ba ka da hanyar komawa ka duba. Shi kansa mai turawa yana iya sauraren boyis ɗinsa kafin ya sake shi a WhatsApp, ya kulle ɗaukar, ya tsayar, ya ji, in bai yi ba ya goge.

Amma boyis ma yana da nasa. Wanda kake tura wa wataƙila yana aji, ko yana layin ganin likita a Shika, ko yana wurin ta'aziyya, ba halin ya saurara, rubutu kuwa da wutsiyar ido ma an karanta. Ba a iya binciko shi, bayan wata biyu idan rigimar lissafi ta taso sai ka bi boyis talatin ɗaya bayan ɗaya kana neman inda aka faɗi farashi, alhali da rubutu ne kalma ɗaya za ka saka ta fito. Ya fi rubutu cin data da wuri a waya, a inda sabis ba ƙarfi yana iya daɗewa yana juyi bai sauka ba. Sannan mu faɗi gaskiya, mutanenmu idan suka kama boyis sai an gaida iyali da gajiya da sanyi kafin a zo kan magana, lambar da kake nema tana can cikin minti na uku. Wasu za su ce ai WhatsApp ɗin yana mayar da boyis rubutu yanzu. E, sun fito da wannan a ƙarshen 2024, amma da harsuna kaɗan suka fara kuma babu Hausa a ciki, sannan ko da akwai, inji ne dai zai saurari wannan sautin mai ƙara, an dawo gidan jiya.

Yatsa kuma kowa ya san shi, ba ruwansa da ƙara ko kaɗan. Illarsa jinkiri, da buƙatar hannu da ido a wurin da kake riƙe da kaya kana kuma tsaron aljihu, da kuma gyaran kai tsaye na kibod da yake sauya maka kalma idan yana kan Turanci. Ga dattawa da waɗanda bokonsu bai yi nisa ba, ko masu matsalar ido, ce musu su rubuta da yatsa ba shawara ba ce. Su boyis ne nasu, kuma in dai lamba ce su faɗe ta sau biyu ta hanya biyu, sha biyu, wato goma da biyu, dozin guda.

To wanne za ka ɗauka? Idan ƙarar ta inji ce mai tafiya bai ɗaya, janareta ko fanka, saƙon kuma na yau da kullum ne, na iso, ina hanya, a ɗora abinci, yi rubutu da murya abunka, waya a gefen baki ko iyafis mai igiya, gajerun jimloli, ka karanta kafin ka tura. Idan hayaniyar mutane ce, tasha ko tsakiyar kasuwa ko gidan biki, ko kana kan acaɓa iska na kaɗawa, bar shi kawai, lokacin da za ka ɓata wajen gyara ya fi wanda ka so ka rage, tura boyis ko ka matsa cikin wani shago. Idan bayani ne mai tsawo da yake buƙatar a ji yanayinka, ban haƙuri ko ƙorafi ko magana da babba, boyis ya fi ko da wurin shiru ne, ballantana kalma ɗaya ta sauya a saƙon da za ka tura wa surukinka, mota ta koma mata.

Akwai abubuwa huɗu da ni ban yarda a bar wa makirfo ba ko a ina: lamba, sunan mutum, sunan wuri, da duk jimlar da take da kar ko ba. Lambar akawun dijit 10 ce, lambar waya 11, ɗaya ta sauya kuɗi sun tafi wajen wani. Sunayen unguwanninmu kuma, Gyallesu, Tukur-Tukur, Ɗanmagaji, Wusasa, Hanwa, Muciya, ba kalmomi ba ne da injin ya saba ji da yawa, don haka ko an ɗan yi tari a kusa zai musanya su da abun da ya fi sani, Samaru ta zama samari. Adadin magani kuwa ba ma a maganarsa, ƙwaya biyu da ƙwaya biyar ba wasa ba ne.

Hanyar da na ga 'yan kasuwa masu wayo suna bi ita ce haɗawa. Su yi bayanin da boyis ko da makirfon kibod, sannan a ƙasa su ƙara layi ɗaya da yatsa mai ɗauke da ƙashin maganar kawai: masara 12, ba ragi, Kwangila. Bai fi daƙiƙa goma ba, kuma shi ne layin da za a nema ranar lissafi. Kai kuma mai karɓa, idan saƙo ya zo maka a hargitse kuma ka warware shi, kar ka tsaya a "na gane", rubuta masa abun da ka gane ɗin cikakke, masara buhu 12, bai rage ba, kana Kwangila, haka ne? Shi e ko a'a kawai zai danna, wanda ko a tsakiyar masu niƙa zai iya, sannan ka buɗe manhajar banki.